Jifa goma, fuska bakwai: warware tambayar kwandala daga hoton takarda

Wata ɗalibar lissafi 'yar aji uku a jami'a ce ta turo tambayar a hoto. Takardar aikin gida ce ta ɗauka da wayarta, a gefe kuma ga ɗan ƙoƙarin da ta yi da biro. Hoton ya ɗan karkace, hasken kwan lantarki kuma ya cinye wani wuri a layi na biyu. Abin da ta rubuto a ƙasa gajere ne: "Malam, don Allah a duba mini, na samu Beta(9, 12) amma ƙawata ta samu Beta(8, 4), kowa na cewa nata ne daidai."

Ga abin da tambayar ta ƙunsa. Akwai wata kwandala da ba a san ko tana karkata wani ɓangare ba. An kira yiwuwar ta faɗi fuska sama da suna θ, wato tita. Kafin a jefa ta ko sau ɗaya, an ɗauka cewa θ yana bin rarrabuwar Beta, lambarta ta farko 2, ta biyun ita ce haske ya shafe, sai kuma aka ce matsakaicin wannan zato rabi ne. An jefa kwandalar sau 10, fuska ta fito sau 7. Ana son rarrabuwar θ bayan an ga wannan sakamako, da matsakaicinta da ƙololuwarta, da yiwuwar jifa na gaba ya zama fuska, sannan da yiwuwar a ce θ ya haura rabi.

Amsoshin biyu duk ba daidai ba ne, kuma kowace da irin hanyar da ta ɓata. Amma kafin a kai nan sai an san me takardar ta ce.

Abin da haske ya shafe

Ba a yin cankensa, kuma ba lallai sai an sake ɗauko hoto ba, domin tambayar da kanta ta tsare lambar. Matsakaicin Beta(α, β) shi ne α/(α + β). Idan α ya zama 2, matsakaici kuma rabi, to babu yadda β zai zama wani abu in ba 2 ba. Ke nan zaton farko, wanda ɗalibai ke kira firayo, shi ne Beta(2, 2). Da a ce jimlar nan ta matsakaici ba ta cikin hoton, abin da ya dace shi ne a rubuta amsa da β a matsayin harafi, a ce Beta(9, β + 3), har a ga takardar da ido. Lamba guda a nan tana juya amsa gaba ɗaya: da β ya kasance 20, matsakaicin ƙarshe zai sauko ƙasa da 0.3.

Akwai wani tarko kuma da hoto ke haifarwa a irin wannan darasi. Alamar ∝, mai nufin cewa ɓangarori biyu daidai suke in ban da wata tsayayyar lamba da aka ninka, tana kama da harafin α ƙwarai idan rubutu ya yi dishi-dishi. A gefen takardar ɗalibar ta kwafe ta a matsayin α, har ta so ta sa 2 a wurin. Gane su ba wuya. Idan alamar ta zauna a tsakiyar layi, a gurbin da alamar = ta saba zama, to ∝ ce. Idan tana sama a cikin fawa ko cikin bakan Beta, α ne.

Daga zaton farko zuwa na baya

Beta(2, 2) lanƙwasa ce mai siffar tudu a tsakanin 0 da 1. Ta fi tsawo a kan 0.5, tana sauka a hankali har ta taɓa ƙasa a gefen biyu. Ma'anarta ita ce mai tambayar ya fi zaton kwandalar tana kusa da daidai, amma bai riƙe zaton da ƙarfi ba, domin 0.3 ko 0.7 duk suna da tsawo mai kyau a ƙarƙashinta.

Ka'idar Bayes ta ce a ɗauki kowane θ da zai yiwu, a ninka tsawonsa a zaton farko da yiwuwar da shi wannan θ ɗin ke ba sakamakon da aka gani. θ ɗin da ya fi iya haifar da fuska 7 cikin 10 sai ya ƙara nauyi, wanda ba ya iyawa sosai ya ragu. A rubuce haka abin yake:

```
zaton farko:  6 · θ^1 · (1−θ)^1
sakamako:     120 · θ^7 · (1−θ)^3
ninki:        720 · θ^8 · (1−θ)^4
```

Lambar 120 ita ce yawan hanyoyin da fuska 7 za su iya jeruwa cikin jifa 10. Ita da 6 babu θ a cikinsu, saboda haka ba sa canza siffar lanƙwasar, tsawonta kawai suke miƙawa. Abin da ke da muhimmanci shi ne θ^8 (1−θ)^4.

Yanzu sai a tambaya: wace rarrabuwa ce ke da wannan siffa? Beta(a, b) siffarta θ^(a−1) (1−θ)^(b−1) ce. Fawa 8 tana nufin a − 1 = 8, wato a = 9. Fawa 4 tana nufin b = 5. Zaton baya, ko fostiriya, shi ne Beta(9, 5). Wanda ya saba ba ya bin duk wannan, sai ya ƙara yawan fuska a kan α, yawan baya a kan β: 2 da 7 tara, 2 da 3 biyar. An fara da Beta an ƙare da Beta saboda zaton farko da yiwuwar sakamakon duk gini ɗaya gare su, fawar θ da fawar 1 − θ, ninka su kuwa tara fawa ne kawai. Dalilin da ya sa littattafan karatu ke son haɗa Beta da jifan kwandala ke nan. Sauƙin lissafi ne, ba wai an tabbatar cewa zaton mutane a kan kwandala siffar Beta gare shi ba.

Idan malami ya nemi cikakkiyar fomula, sai a nemo lambar da za ta sa filin da ke ƙarƙashin lanƙwasar ya zama 1 cif. Ita ce 13!/(8! · 4!), wadda ta ba da 6435. Cikakkiyar amsar sashe na farko ke nan: 6435 · θ^8 · (1−θ)^4, ga θ tsakanin 0 da 1.

Inda amsoshin biyu suka ɓata, da yadda ake kama su

Ɗalibar ta ƙara 7 a kan α, wannan daidai ne, sai ta ƙara 10 a kan β maimakon 3. Ta ɗauki yawan jifa duka a matsayin yawan baya. Kuskure ne da ake yawan yi, musamman idan an karanta tambaya a ƙaramin allon waya, inda "7 cikin 10" ke iya zama wa mutum "7 da 10". Kama shi ba ya buƙatar sake lissafi. Matsakaicin Beta(9, 12) shi ne 9/21, kusan 0.43. To zaton farko ya ce 0.5, jifan da aka yi ya ce 0.7, ta ina haɗuwarsu za ta ba da 0.43? Dole matsakaicin ƙarshe ya faɗa tsakanin su biyun. Duk amsar da ta fita wannan iyaka an yi kuskure a cikinta.

Na ƙawar ya fi wayo. Ta bi hanya daidai har ta kai θ^8 (1−θ)^4, sai ta kwashe fawar yadda take ta ce Beta(8, 4), ta manta da ɗayan da ake cirewa. Matsakaicin wannan 8/12 ne, kusan 0.67, yana kuma tsakanin 0.5 da 0.7, don haka gwajin farko ba zai kama shi ba. Gwaji na biyu ne ke kama shi: jimillar lambobin biyu na ƙarshe dole ta zama α + β + yawan jifa. A nan 2 + 2 + 10 = 14. Tara da biyar sha huɗu ne, takwas da huɗu sha biyu, tara da sha biyu ashirin da ɗaya. Gwajin jimilla shi kaɗai ma ya isa ya fitar da amsoshin biyu.

Abin da ke sa Beta(8, 4) ta yi kama da gaskiya shi ne, amsa ce sahihiya ga wata tambayar daban. Da zaton farko Beta(1, 1) ne, wato shimfiɗaɗɗen layi da ya ba kowane θ nauyi ɗaya, to lallai Beta(8, 4) za a samu. Wannan ne ainihin yanayin da Thomas Bayes ya yi nazari a kai a rubutunsa da Richard Price ya fitar a 1763, bayan rasuwarsa, kuma daga wannan yanayi ne ka'idar Laplace ta (k + 1)/(n + 2) ta fito, inda k yake yawan fuska, n kuma yawan jifa. Ɗalibin da ya taɓa ganin wannan misali a aji zai ga 8/12 ya ji ta zauna masa daidai.

Matsakaici, ƙololuwa da jifa na gaba

Matsakaicin Beta(9, 5) shi ne 9/14, kusan 0.643. Yana da kyau a ga daga ina wannan lamba ta fito, domin a nan ne ake fahimtar aikin zaton farko. A rubuta shi haka:

```
9/14 = (4/14) · 0.5 + (10/14) · 0.7
```

Zaton farko ya shigo da nauyin 4, wato α + β, jifan da aka yi ya shigo da nauyin 10. Kamar mai sayar da hatsi ne da ya zuba mudu 4 da ya sayo a wani farashi cikin mudu 10 na wani farashin: kuɗin kowane mudu a buhun zai fi kusa da na goman, amma huɗun ma sun ja shi. Saboda haka 0.643 ya fi kusa da 0.7 a kan 0.5, bai dai kai shi ba.

Ƙololuwa, wato θ ɗin da lanƙwasar ta fi tsawo a kansa, ita ce (a − 1)/(a + b − 2), wato 8/12, kusan 0.667. Ta ɗara matsakaici saboda lanƙwasar tana da doguwar jela ta hagu, jelar kuma matsakaici take ja, ba ta taɓa ƙololuwa. A lura cewa 8/12 ta sake fitowa a nan, wannan karon a halattaccen gurbinta. Wanda ya rubuta 0.667 a matsayin ƙololuwa ya ci maki, wanda ya rubuta ta a matsayin matsakaici ya faɗi.

Yiwuwar jifa na sha ɗaya ya zama fuska daidai take da matsakaici, 9/14. Dalili shi ne ba mu san θ ba, sai mu auna kowane θ da nauyinsa a zaton baya mu haɗa, haɗin kuwa shi ne matsakaici. Ba 0.7 ba ne, ba kuma ƙololuwa ba.

Tambayar ba ta nemi jifa biyu ba, amma malamai kan ƙara wannan a jarrabawa, kuma a nan ake zubar da maki. Mece ce yiwuwar jifa biyu masu zuwa duk su zama fuska? Hannu kan yi saurin ninka 9/14 da kanta, ya samu kusan 0.413. Ba haka ba ne. Idan na farkon ya fito fuska, zato ya koma Beta(10, 5), yiwuwar na biyu ta zama 10/15. Amsa ita ce 9/14 sau 10/15, wato 3/7, kusan 0.429. Jifan biyu ba ruwan ɗaya da ɗaya ne kawai ga wanda ya san θ. Ga wanda bai sani ba, jifan farko labari ne a kan kwandalar, labarin kuma yana shafar abin da zai yi tsammani a na biyu.

Wannan ya nuna wani abu kuma: ba kome a haɗa jifan duka a lokaci ɗaya ko a bi su kashi-kashi. A ce biyar na farko sun ba da fuska 4 da baya 1, zato ya zama Beta(6, 3). Biyar na biyu suka ba da fuska 3 da baya 2, ya zama Beta(9, 5). Wuri ɗaya aka sauka. Jerin yadda suka fito ma bai shiga lissafin ba, yawansu kawai.

Faɗin rashin sani

Lamba guda kamar 0.643 tana ɓoye yadda sanin namu yake da rauni. Bariyans, wato ma'aunin warwatsuwa, na Beta(a, b) shi ne ab/((a + b)²(a + b + 1)), a nan 45/2940, tushensa kuma kusan 0.124. Warwatsuwa ce babba ga abin da duk faɗinsa daga 0 zuwa 1 ne. Iyakokin da suka ƙunshi kashi 95 cikin 100 na zaton ba a samun su da hannu cikin sauƙi, sai da na'ura. A manhajar R:

```
qbeta(c(0.025, 0.975), 9, 5)
1 - pbeta(0.5, 9, 5)
```

Layin farko yana ba da kusan 0.386 da 0.861. Ma'ana, bayan jifa goma, kwandalar da ke ɗan karkata ga baya da wadda ke ba da fuska fiye da sau takwas cikin goma duk ba a fitar da su ba. Mai Excel zai samu iyakar ƙasa da BETA.INV(0.025,9,5).

Layi na biyu shi ne amsar sashe na ƙarshe, kuma ana iya yin sa da biro a ɗakin jarrabawa idan a da b cikakkun lambobi ne. Yiwuwar θ ya gaza rabi a ƙarƙashin Beta(9, 5) daidai take da yiwuwar a samu fuska 9 ko fiye cikin jifa 13 na kwandala marar karkata. Goma sha ukun ta fito ne daga a + b − 1. Hanyoyin samun 9, 10, 11, 12 da 13 su ne 715, 286, 78, 13 da 1, jimilla 1093, cikin 8192. Wannan kusan 0.133 ne. Ke nan yiwuwar θ ya haura rabi ita ce 7099/8192, kusan 0.867.

Aikin gida ya ƙare a nan. Amma da ɗalibar ta ga 0.867 sai ta rubuto: "Malam, ke nan kashi 87 cikin 100 kwandalar tana da maguɗi?" A ganina wannan tambayar ta fi duk sassa huɗun da ke takardar amfani.

Abin da 0.867 bai faɗa ba

Amsa ita ce a'a, kuma dalilin yana cikin zaton farko. Beta rarrabuwa ce mai ci gaba babu yankewa, irin wannan kuwa ba ta ba wata lamba guda tak nauyin kome. Yiwuwar a ce θ daidai yake da 0.5 cif a ƙarƙashin Beta(2, 2) sifili ce tun kafin a jefa kwandalar, kuma sifili za ta ci gaba da zama ko an jefa sau miliyan. Wato ranar da aka zaɓi Beta, an riga an yanke cewa akwai karkata, ko da ƙanƙanuwa ce. Abin da ya rage a tambaya shi ne wane ɓangare. To 0.867 amsar wannan ce: idan har tana karkata kamar yadda zaton farko ya zana, ya fi yiwuwa ta fuska ce. Kafin jifa rabi da rabi ne, bayan jifa ya koma kusan 87 da 13.

Wanda ke son sanin ko kwandalar lafiyayya ce, sai ya ajiye zato biyu gefe da gefe ya ga wanne ya fi hango sakamakon da aka samu. Zato na ɗaya ya ce θ rabi ne cif. A ƙarƙashinsa yiwuwar fuska 7 cikin 10 ita ce 120/1024, kusan 0.117. Zato na biyu ya ce θ yana wani wuri bisa Beta(2, 2). A ƙarƙashinsa sai a haɗa yiwuwar sakamakon a kan dukkan θ, lambobin da muka ajiye ɗazu kuma su ne ke ba da ita: 720/6435, wato 16/143, kusan 0.112.

A duba lambobin nan biyu, 0.117 da 0.112. Kusan ɗaya suke, har ma na lafiyayyar kwandala ya ɗan ɗara. Wanda ya fara da rabi da rabi tsakanin zatukan biyu zai ƙare da kusan kashi 51 cikin 100 cewa kwandalar lafiya take. Jifa goman bai motsa shi ko'ina ba. Ba abin mamaki ba ne idan aka duba da kyau. Fuska 7 cikin 10 abu ne da lafiyayyar kwandala ke yi fiye da sau ɗaya a kowane zagaye tara. Zato na biyu kuwa, duk da yana ɗauke da θ irin 0.7 da suka dace da sakamakon ƙwarai, yana ɗauke da 0.2 da 0.3 da ba su dace ba ko kaɗan, kuma dole ya biya kuɗinsu duka.

Saboda haka 87 da 51 ba sa karo da juna, tambayoyi biyu ne mabambanta aka yi wa jifa goma ɗaya. Kuskuren da ake yi, har a rahotannin da suka wuce aikin gida, shi ne a lissafa ta farko a ba da ita a matsayin amsar ta biyu.

Idan jifan ya yawaita labari yana canzawa. A ce an jefa sau 100 aka samu fuska 70, kaso ɗaya da na ɗazu. Zaton baya ya zama Beta(72, 32), matsakaici 0.692, warwatsuwa ta sauko zuwa 0.045. A gwajin zato biyu kuma, yanzu mai karkata ya fi lafiyayya hango sakamakon fiye da sau 500. Kaso bakwai cikin goma bai canza ba, yawan jifa ne ya mayar da shi hujja.

Shin Beta(2, 2) ta dace da kwandalar gaske?

Ga takardar aji ta dace, tunda ita aka bayar. Ga kwandalar da mutum ya zaro daga aljihu, ni ban yarda da ita ba. Beta(2, 2) tana ba da kusan kashi 21 cikin 100 ga cewa θ ya gaza 0.2 ko ya haura 0.8, babu kuwa mai hankalin da zai yi wa kwandalar kasuwa wannan zato. John Kerrich, masanin lissafin da aka tsare a ƙasar Denmark lokacin yaƙin duniya na biyu, ya jefa kwandala sau 10,000 ya samu fuska 5,067. Idan aka sa wannan cikin lissafinmu za a samu Beta(5069, 4935), matsakaici kusan 0.507, warwatsuwa kusan 0.005. Mai irin wannan sani ya kamata ya fara da zato matsattse. Ko Beta(50, 50) ya ɗauka, wadda ita ma sassauci ce, fuska 7 cikin 10 za su kai shi Beta(57, 53) ne kawai, matsakaici 0.518.

To ga sakamako ɗaya ya ba da 0.667 da Beta(1, 1), 0.643 da Beta(2, 2), 0.518 da Beta(50, 50). Wannan ba aibin hanyar ba ne, gaskiyar lamarin ce: jifa goma bai isa ya rinjayi zato mai nauyin ɗari ba. Da jifa 1,000 da fuska 700, Beta(2, 2) za ta ba da 0.699, Beta(50, 50) ta ba da 0.682, sun kusa haɗuwa. Shi ya sa a aikin gaske, idan bayanai kaɗan ne, ba a ba da amsa da zaton farko guda. Ana gwada biyu ko uku a nuna wa mai karatu yadda amsar ke motsi. Idan ta motsa sosai, to zato ne ke magana, ba bayanai ba. Beta(2, 2) ta fi dacewa da abin da da gaske ba a san shi ba, kamar ƙusar maƙala takarda da aka jefa a ga ko za ta faɗi tsini sama.

Akwai kuma sharuɗɗa biyu da layin θ^7 (1−θ)^3 ya ɗauka ba tare da ya faɗa ba: θ ɗaya ne a duk jifan, kuma in an san shi, jifa ba ya shafar jifa. A 2007 Persi Diaconis da Susan Holmes da Richard Montgomery sun yi hasashen cewa kwandalar da aka cilla da yatsa aka cafe ta fi faɗawa a ɓangaren da ta fara da shi a sama, da kusan kashi 51 cikin 100. Wani babban gwaji da aka fitar a 2023, mai jifa 350,757, ya samu kusan kashi 50.8. Wannan karkata ba ta ƙarfen ba ce, ta hannun mai jifa ce. Idan mutum yana ɗaukar kwandalar yadda ta faɗi ya sake cillawa, kowane jifa yana ɗan jingina da wanda ya gabace shi, sharaɗi na biyu ya karye ke nan, ko da yake da ɗan abin da jifa goma ba zai taɓa nunawa ba.

Abin da ke iya rushe lissafin baki ɗaya shi ne yadda aka zaɓo sakamakon. Idan mai jifa ya ƙudurta tun farko zai yi goma, ko ya ce zai ci gaba har sai baya ta fito sau uku sai hakan ya faɗo a jifa na goma, zaton baya ɗaya ne, Beta(9, 5), domin bambancin yana cikin tsayayyar lambar gaba ne kawai, 120 a na farko, 36 a na biyu, ita kuwa ba ta shiga siffar lanƙwasa. Amma idan ya yi zagaye biyar na goma-goma ya kawo wanda fuska ta fi yawa a ciki kaɗai, to abin da aka gani ba "7 cikin 10" ba ne, "mafi yawa cikin zagaye biyar" ne, kuma yiwuwarsa wata fomula ce daban wadda ba ta haɗuwa da Beta ta ba da Beta. Maganinsa shi ne a nemi sauran jifa 40 ɗin a ƙara fuskokinsu a kan α, bayansu a kan β.